Hatimin Lokaci: Yadda Za Ka Tabbatar da Ranar Takardarka ba Tare da Ka Nuna wa Kowa ba

A shekarar 2017, lokacin da kotun ƙolin Pakistan take binciken dukiyar iyalan firaministan ƙasar na wancan lokaci, Nawaz Sharif, 'yarsa Maryam ta gabatar da wasu takardu da suka shafi gidaje a Landan, ɗauke da kwanan watan Fabrairun 2006. Masu bincike suka aika wa wani ƙwararre takardun ya duba. Ya ce salon haruffan da aka buga su da shi, wanda ake kira Calibri, bai shiga kasuwa ba sai a Janairun 2007. Masu kare ta suka ce ai akwai samfurin gwaji na wannan salo tun kafin nan, kuma mai so yana iya samunsa. Aka yi ta ja-in-ja a kan siffar haruffa, shari'a ta ɗauki shekaru, har a 2022 wata babbar kotu a Islamabad ta soke hukuncin da aka yanke wa Maryam. Ba wanda ke da gaskiya a tsakaninsu ne ya dame mu a nan ba. Abin lura shi ne, takarda ce mai kwanan wata rubuce a jikinta, ga sa hannu, amma duk wannan bai isa ya raba gardama ba.

Kwanan watan da ke jikin takarda iƙirari ne na wanda ya rubuta shi. Haka ma wanda kwamfuta ko waya take nunawa a gefen fayil: kowa yana iya mayar da agogon na'urarsa baya, ya buga abin da yake so, ya adana. Hoton fuskar waya kuwa, yaro ma yana iya gyara shi. Shi ya sa idan rigima ta tashi a kan wane ne ya riga wani, ko a kan cewa an ƙara wani layi a yarjejeniya daga baya, sai ka ga kowa yana rantsuwa, babu mai hujjar da ɗayan ba zai iya tankwarawa ba.

Akwai hanyar da ke rufe wannan ƙofa, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. Abubuwa biyu take haɗawa: lambar da ake ciro wa fayil, wadda ake kira hash, da kuma hatimin lokaci daga wani wanda ba shi da hannu a rigimarka.

Lambar da fayil ke haifarwa

Hash kamar zanen yatsa yake ga fayil. Ana ɗaukar fayil ɗin gaba ɗaya, ko shafi ɗaya ne ko littafi mai shafi ɗari biyar ko fim na awa uku, a bi da shi ta wani lissafi sananne, sai a fito da ɗan gajeren jerin haruffa da lambobi. Lissafin da aka fi amfani da shi yau sunansa SHA-256, kuma hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ita ta fitar da shi a farkon shekarun 2000. Komai girman fayil, abin da yake bayarwa haruffa 64 ne, ba ƙari ba ragi.

Ga abin a fili. Masu wannan sana'a sun saba gwaji da kalmar `hello`. Idan aka ba SHA-256 waɗannan haruffa biyar, ba tare da ƙarin komai ba, sannan aka sake ba shi kalmar da babban baƙi a farko, wato `Hello`, ga abin da ke fitowa:

```
2cf24dba5fb0a30e26e83b2ac5b9e29e1b161e5c1fa7425e73043362938b9824
185f8db32271fe25f561a6fc938b2e264306ec304eda518007d1764826381969
```

Harafi ɗaya aka taɓa, amma dubi layukan biyu, babu wata kama a tsakaninsu. Haka lamarin yake ga kowane fayil. A ƙara waƙafi ɗaya a littafi mai shafi ɗari biyar, ko a mayar da naira dubu 50 ta zama dubu 500 a takardar bashi, lambar za ta rikiɗe daga farko har ƙarshe. Idan kuwa ba a taɓa komai ba, duk wanda ya yi lissafin zai samu lamba iri ɗaya, ko a Zariya yake ko a Damagaram, yau ko bayan shekara ashirin.

Sauran halaye biyu na wannan lamba su ne suka sa ta zama hujja. Na farko, ba a komawa baya da ita. Wanda ya ga haruffa 64 ɗin nan ba zai iya gina littafinka daga cikinsu ba, don haka kana iya miƙa wa baƙo lambar ba tare da sirrinka ya fita ba. Na biyu, ba a san hanyar da mutum zai ƙirƙiro wani fayil dabam da zai haifi lamba iri ɗaya da naka ba. Yawan lambobin da SHA-256 zai iya fitarwa, idan aka rubuta shi, adadi ne mai alƙaluma 78, kuma har yau ba a nuna fayil biyu mabambanta da suka yi karo a kansa ba.

Na ce SHA-256 da gangan, domin ba kowane hash ne ke da wannan ƙarfi ba. Akwai tsofaffi biyu da har yanzu ake cin karo da su a manhajoji. MD5 ya faɗi tun 2004, lokacin da wata masaniyar lissafi 'yar China, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna yadda ake haɗa abubuwa biyu masu lamba ɗaya. SHA-1 ya bi sahu a Fabrairun 2017, da masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu, kowanne da abin da yake nunawa dabam, amma lambarsu ɗaya. Duk manhajar da ta ba ka zaɓi, ka tsallake waɗannan biyun.

Me ya sa lambar kaɗai ba ta isa ba

Hash yana amsa tambaya ɗaya: shin wannan fayil shi ne wancan, ba a taɓa shi ba? Ba ya cewa komai game da lokaci. Idan ka rubuta lambar a littafin ajiyarka ka sa kwanan wata a gefe, ka dawo inda aka faro, domin kai ka rubuta kwanan watan. Dole lambar ta shiga hannun wani wanda ba za ka iya sa shi ya yi maka ƙarya ba, shi ma kuma ba zai iya sauya magana daga baya ba.

Mutum biyu ne suka shimfiɗa wannan tunani yadda ake amfani da shi yau, Stuart Haber da Scott Stornetta, masu bincike a kamfanin Bellcore na Amurka, a wata muƙala da suka wallafa a 1991. Daga baya suka kafa kamfani mai suna Surety, wanda yake tattara lambobin takardun abokan hulɗarsa, ya dunƙule su zuwa lamba ɗaya, ya buga ta kowane mako a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times, tun daga 1995. Dabarar ta burge ni ƙwarai, domin jaridar da aka riga aka buga aka rarraba a gidaje da ɗakunan karatu, babu mai iya bin ta kwafi-kwafi ya gyara. Ko su masu kamfanin da kansu ba za su iya mayar da hannun agogo baya ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu tana bin wata ƙa'ida ta intanet mai lamba RFC 3161, wadda aka fitar a 2001. A ƙarƙashinta akwai masu buga hatimin lokaci, waɗanda a manhajoji za ka ga an rubuta su da TSA. Kamfanoni irin su DigiCert da GlobalSign da Sectigo suna wannan aiki, akwai kuma na kyauta kamar FreeTSA. Aikinsu taƙaitacce ne. Ka aika musu da hash, su haɗa shi da lokacin da agogonsu ya nuna da kuma lambar jeri, su sa wa haɗin hannu, su dawo maka da ɗan ƙaramin fayil. Wannan ɗan fayil shi ne hatimin.

Sa hannun nan na lissafi ne. Mai hatimi yana da mabuɗai biyu da suke tafiya tare, ɗaya na sirri da yake ɓoyewa, ɗaya na fili da yake rabawa duniya a cikin satifiket ɗinsa. Da na sirrin ake sa hannu, da na filin ake dubawa. Wanda ba shi da na sirrin ba zai iya ƙirƙirar hatimin da na filin zai amince da shi ba, kuma idan aka sauya ko daƙiƙa ɗaya a lokacin da ke cikin hatimin, dubawar za ta faɗi.

Marubuciya da littafinta

Mu ɗauki misali daga abin da ke faruwa kullum. A ce wata marubuciya a Kano ta gama labari mai babi arba'in. Tana so ta tura wa wani mai shirya fim ya karanta, amma ta sha jin koke-koken marubuta 'yan'uwanta cewa sun ba da labari an ce bai yi ba, bayan wata shida sai ga shi a allo da sunan wani. A ce ranar Litinin ce, 3 ga Maris 2025, kuma ba ta tura wa kowa komai ba tukuna.

Abu na farko, za ta tabbatar sunanta yana cikin rubutun, a shafin farko, sannan ta mayar da shi PDF, ta sa masa suna, misali `labari.pdf`. Daga wannan lokaci ba za ta ƙara taɓa wannan kwafi ba. Idan tana son ganin lambarsa da idonta, a kwamfuta mai Windows za ta buɗe wurin rubuta umarni ta buga layin farko na ƙasa, a Linux kuwa na biyu:

```
certutil -hashfile labari.pdf SHA256
sha256sum labari.pdf
```

Sai neman hatimi. Da manhajar OpenSSL, wadda kyauta ce, za ta shirya takardar buƙata, ta aika, ta karanta amsa:

```
openssl ts -query -data labari.pdf -sha256 -cert -out labari.tsq
curl -H "Content-Type: application/timestamp-query" --data-binary @labari.tsq https://freetsa.org/tsr -o labari.tsr
openssl ts -reply -in labari.tsr -text
```

Layin farko yana lissafa hash a cikin kwamfutarta, ya zuba shi a `labari.tsq`. A lura, lambar ce kawai a ciki, babu ko jimla ɗaya ta labarin. Layi na biyu yana aika buƙatar ya karɓo hatimin, `labari.tsr`, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Na uku yana buɗe hatimin ta ga abin da aka rubuta: sunan lissafin da aka yi amfani da shi, lambar fayil ɗinta, lambar jeri, da wani layi da ya fara da `Time stamp` wanda ke ɗauke da rana da awa da minti da daƙiƙa.

Lokacin da ke wannan layi na GMT ne, alhali Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya. Idan ta buga hatimin da ƙarfe 10:15 na safe a Kano, za ta ga 09:15. Wannan ba matsala ba ce da rana, amma wanda ya buga da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai ga hatiminsa ɗauke da kwanan jiya. Idan akwai wa'adin da ake jayayya a kansa, gara mutum ya san wannan tun kafin a tambaye shi.

Kafin ta rufe kwamfuta, za ta sauko da satifiket biyu daga shafin FreeTSA, `tsa.crt` da `cacert.pem`, ta haɗa su da `labari.pdf` da `labari.tsr` a jaka ɗaya. Ta kwafi jakar a filashi, ta ajiye wani kwafin a intanet, wani kuma a hannun wanda ta amince da shi. Bayan nan ne za ta tura wa mai fim labarin.

Yanzu a ce abin da take tsoro ya faru. A watan Nuwamba wani ya fito yana cewa labarinsa ne, tun watan Yuni ya rubuta shi. Aka zauna gaban shugabannin ƙungiyar marubuta ko gaban lauyoyi. Ba sai ta roƙi kowa ya yarda da maganarta ba. Za ta miƙa jakar, wani wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi ya buga wannan a tasa kwamfutar:

```
openssl ts -verify -data labari.pdf -in labari.tsr -CAfile cacert.pem -untrusted tsa.crt
```

Manhajar za ta sake lissafa hash na fayil ɗin da ke gabanta, ta gwada shi da wanda ke cikin hatimin, ta duba sa hannun. Idan komai ya daidaita za ta rubuta `Verification: OK`. Ma'anarsa, wannan fayil, harafi da harafi, yana duniya tun safiyar 3 ga Maris, wata uku kafin lokacin da ɗayan yake iƙirari. Mai dubawa da ya san aikinsa ba zai tsaya ga satifiket ɗin da ta kawo ba, zai sauko da nasa daga wurin mai hatimin ya gwada, domin wanda ya ƙirƙiri hatimin jabu yana iya ƙirƙirar satifiket ɗin jabu ya haɗa da shi.

Wanda waɗannan layuka suka yi masa nauyi, kada ya karaya. Akwai hanya ta biyu da ba a buga umarni ko ɗaya, za mu zo kanta.

Inda ake yin asara

Yawancin waɗanda wannan hanya take ba wa kunya, ba lissafin ne ya gaza musu ba, fayil ɗin ne ya sauya a hannunsu ba su sani ba. Marubuciyarmu, a ce a watan Afrilu ta ga kuskuren rubutu a babi na bakwai, ta buɗe ta gyara, ta adana a kan tsohon. Ranar dubawa sai ta ga `Verification: FAILED`, tare da saƙon cewa lambar fayil ba ta dace da ta hatimi ba. Babu wanda zai iya ceto ta, domin manhajar ba ta san bambanci tsakanin gyaran harafi ɗaya da sauya littafi sukutum ba. Ko dai fayil ɗin shi ne, ko ba shi ba ne.

Abin ya wuce gyara da gangan. Fayil ɗin Word, idan aka buɗe aka danna adanawa, ko ba a taɓa kalma ɗaya ba, yakan sauya, saboda yana rubuta lokacin adanawa da wasu bayanai a cikinsa. Idan aka fitar da PDF sau biyu daga rubutu ɗaya, sau da yawa lambobinsu sukan bambanta saboda wannan dalili. Hoton takardar fili ko rasit da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi don rage nauyi, wanda ya isa can wani fayil ne dabam. Idan ana so ya isa yadda yake, a tura shi ta zaɓin `Document`. Takardar da aka buga a injin bugawa aka sake ɗaukar hotonta kuwa, ba ta da wata alaƙa da tsohon hatimin. Sauya wa fayil suna ko kwafe shi zuwa filashi ba ya taɓa lambar, domin abin da ke ciki ake lissafawa.

Maganin duk wannan ɗaya ne. Kwafin da aka buga wa hatimi a ware shi, a daina aiki a kansa. Idan an yi gyara, sabon fayil ne, a buga masa nasa hatimin. Marubucin da yake buga wa kowane zubi hatimi, daga tsarin labari na farko zuwa babi goma na farko zuwa kammalallen littafi, ya fi mai hatimi ɗaya ƙarfin hujja nesa ba kusa ba, domin yana nuna yadda aikin ya girma a hannunsa. Ɓarawo yakan samu kammalallen aiki ne kawai.

Akwai kuma tsufa. Satifiket ɗin mai hatimi yana da wa'adi, kamfani yana iya rufewa, kuma lissafin da ake ganin ƙarfinsa yau yana iya raunana gobe kamar yadda ya faru da SHA-1. Takardar da ake so ta yi shekaru da yawa, irin ta gado ko ta fili, ana haɗa fayil ɗin da tsohon hatiminsa a buga musu sabon hatimi tun tsohon yana da inganci.

Idan ba ka yarda da kamfani ɗaya ba

Mai hankali zai tambaya: to shi mai hatimin, wa ya hana a saye shi ya buga kwanan baya? Tambaya ce mai kyau. Manyan kamfanonin ana binciken ayyukansu, kuma kasuwarsu gaba ɗaya a kan amana ta tsaya, amma duk da haka amana ce aka ba wa wani. FreeTSA, da yake na kyauta ne, ya dace da koyo da ƙananan buƙatu, sai dai a babbar shari'a lauyan ɗaya ɓangaren zai tambayi wane ne ke bayansa.

A nan hanya ta biyu take shigowa, wato OpenTimestamps, wadda Peter Todd ya fitar a 2016. Ita tana bin dabarar jaridar nan ce, sai dai a maimakon jarida tana amfani da kundin Bitcoin, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya suke riƙe da kwafinsa. Mutum ya shiga shafin `opentimestamps.org`, ya jefa fayil ɗinsa, burauzarsa ta lissafa hash a cikin na'urarsa, ya karɓi ɗan fayil mai ƙarewa da `.ots`. Ana dunƙule lambobin mutane da yawa zuwa lamba ɗaya a rubuta ta a kundin. Ga masu ƙyamar harkar kirifto, ba a sayen komai a nan, ba a buɗe asusu, ba a biyan kuɗi. Rauninta biyu ne. Tabbacin yakan ɗauki awoyi kafin ya kammala, don haka sai an koma daga baya an duba an adana cikakken `.ots` ɗin. Sannan lokacin da take bayarwa yana iya kaucewa da kamar awa biyu. Ta isa tabbatar da rana, ba ta isa tabbatar da minti ba.

Ra'ayina, duk takardar da ta kai a damu da ita, a buga mata duka biyun. Fayil ɗaya ne, lamba ɗaya, shaidu biyu da ba su san juna ba.

Abin da hatimin ba ya faɗa

Nan ne nake ganin mutane suna ɗora wa abin nan kayan da ba zai iya ɗauka ba. Hatimin lokaci yana cewa fayil ɗin ya wanzu a wannan lokaci ko kafinsa. Iyakarsa ke nan. Bai ce kai ka rubuta ba. Da a ce marubuciyarmu ta tura labarin a Janairu ba ta buga hatimi ba, wanda ya karɓa ya cire sunanta ya sa nasa ya buga hatimi a Fabrairu, to hatiminsa ingantacce ne, kuma ya riga nata. Wannan ne ya sa nake nanata cewa a buga kafin a tura. Bai ce abin da ke cikin takardar gaskiya ne ba, domin takardar bashi ta ƙarya ma ana iya buga mata hatimi. Bai ce ɗaya ɓangaren ya amince da yarjejeniya ba, wannan aikin sa hannu ne da shaidu. Kuma bai hana mutum ya buga wa takardu biyu masu saɓa wa juna hatimi a rana ɗaya ba, ya ɓoye ɗaya ya fito da wadda ta yi masa daɗi. Saboda haka idan yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, kowannensu ya riƙe fayil ɗin da hatimin, kuma su tura wa juna lambar.

Ta fuskar doka, ƙasashe sun bambanta. Tarayyar Turai, a dokarta ta eIDAS ta 2014, ta ce hatimin da ya fito daga amintaccen kamfani mai rajista ana ɗaukar lokacinsa daidai ne, sai wanda ya musa ya kawo hujja. A Najeriya, Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da takardar da kwamfuta ta samar, da sharaɗin a bayyana yadda aka samar da ita da lafiyar na'urar, kuma ana kawo takardar tabbaci a kan haka. Hash da hatimi ba sa ɗauke wannan sharaɗi, suna dai ƙarfafa shaidar bayan an karɓe ta, kuma alƙali ne zai auna nauyinta. Ga marubuta kuma, haƙƙin mallaka a Najeriya yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajista ga mai so. Hatimin bai maye gurbin wannan rajista ba, kamar yadda bai maye gurbin lauya ko shaidu ba.

Duk da waɗannan iyakoki, tambaya ɗayar da yake amsawa ita ce wadda aka fi rasa amsarta idan rigima ta tashi, kuma ba a iya samar da amsar bayan rigimar ta riga ta tashi. Ɗalibin da ya gama kundin bincikensa, da mawaƙin da ya rera sabuwar waƙa a waya, da ɗan kasuwar da ya ɗauki hoton yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da ɗan jaridar da wata takarda ta shigo hannunsa, kowannensu yana da fayil ɗaya aƙalla da ya cancanci wannan. Mai karatu, ka zaɓi naka yau, ka buga masa hatimi kafin ka tura wa kowa, ka ajiye fayil ɗin da hatimin a wuri fiye da ɗaya, sannan bayan mako guda ka gwada dubawar da kanka don ka tabbatar tana aiki.